Dindindin, kwantiragi ko biyan yini: wane irin ɗauka ya dace da aikin da ke hannunka?

Mai ƙaramin kamfani a Abuja idan zai ɗauki mutum aiki, tambayar da yake fara yi wa kansa ita ce wanne ne zai fi masa araha. Da wannan tambayar yake zuwa wurin akawunsa, shi kuwa akawu ya ce masa a rubuta "kwantiragi" a saman takarda, ko ma a bar takardar gaba ɗaya a riƙa biyan yini. A ganina an fara daga inda bai kamata ba. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne aikin kansa: yana da ranar ƙarewa ko ba shi da ita? Idan yana da ita, an san ta tun yau? Idan ba a sani ba, kullum ake yinsa ko sai ya taso? Amsar waɗannan ce take nuna irin ɗaukar da ta dace, domin sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi ne kotu take tsayawa a kai ba ranar da rigima ta tashi. Yadda aka yi zaman aikin take dubawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata Hajiya tana da zauren taro da ɗakin girki a Gwarinpa, da ma'aikata 28. Guraben aiki uku sun buɗe mata a lokaci ɗaya. Tana neman kuku na biyu, domin girki ba ya tsayawa ko da biki ko babu. Ta kuma samu kwangilar kai abincin rana ga ma'aikatan wani kamfanin gine-gine na tsawon wata tara, wadda take buƙatar direba. Sannan tana buƙatar samari da 'yan mata masu rabon abinci a ranakun biki, Juma'a da Asabar galibi, wani makon mutum goma sha biyar, wani makon ko ɗaya. Kuɗaɗen albashin da zan kawo na misali ne, amma kason da doka ta yanka na gaske ne.

Kukun shi ne mai sauƙin yanke wa hukunci, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Aikinsa ba shi da ranar ƙarewa. Muddin zauren yana buɗe, wani zai tsaya a bakin tukunya. Wannan shi ne aikin dindindin, ko da an kira shi da wani suna. Abin da yake firgita masu kamfani shi ne zaton cewa wanda aka ɗauka dindindin ya zame musu ƙarfen ƙafa, ba ya sallamuwa. Wannan zaton daga aikin gwamnati aka aro shi, inda ma'aikaci yake zaune sai ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa, kuma ba a korarsa sai an bi matakan da doka ta shimfiɗa. A kamfani mai zaman kansa ba haka abin yake ba. Dindindin a nan yana nufin ba a sa rana ba, amma kowane ɓangare yana iya raba gari idan ya ba da notis.

Dokar Ƙwadago ta faɗi mafi ƙarancin notis ɗin a sashe na 11. Idan zaman aikin bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, sannan wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Yawancin takardun ɗaukar aiki sukan sa wata ɗaya tun daga farko, kuma idan an sa haka, shi ne zai yi aiki. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma auna shi da yadda ake yi a duniya. Tun daga nan kotun takan so ta ji dalilin sallama, ba ta gamsuwa da "ba ma buƙatarka" kawai. Saboda haka idan Hajiya za ta sallami kuku don yana makara ko kayan sito suna ɓacewa a hannunsa, ta tabbata akwai takardar tuhuma da amsarsa da takardar gargaɗi a fayil. Wannan ba abu ne mai wuya ba, tarbiyyar ajiye takarda kawai yake so.

To nawa kukun zai ci mata? A ce albashinsa naira 120,000 ne a wata, kuma duka ana lissafa shi a fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani kashi 10 cikin ɗari, wato 12,000, ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8, wato 9,600 da za a cire daga albashinsa. Jimillar 21,600 za ta shiga asusun fanshonsa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Sai kashi 1 cikin ɗari na asusun diyyar ma'aikata da hukumar NSITF take karɓa, wato 1,200. Kuɗin da zai fita daga aljihun Hajiya a wata ya zama 133,200, ban da kuɗin inshorar rai da dokar fanshon ta wajabta, wadda za ta biya iyalansa aƙalla ninki uku na albashin shekara idan ya rasu yana bakin aiki. A lissafinmu 4,320,000 ke nan, kuma kamfanin inshora ne zai biya, idan dai an yanki inshorar. Idan ba a yanka ba, nauyin yana komawa kan mai kamfani.

Yanzu a kwatanta da shawarar akawu, a riƙa ba shi 5,000 a yini. Kuku yana zuwa kwana 26 a wata, ya tashi 130,000. Bambancin da ake ta fama a kansa bai kai dubu huɗu ba. Ko da an matse kuɗin yinin ya sauka, abin da aka rage ba zai biya asarar ranar da wani otal a Wuse ya yi masa tayin albashi da takarda ba, ya tafi ana saura kwana biyu bikin mutum ɗari biyar. Wanda ake biya da yini ba a bin sa bashin notis ɗin kirki, kamar yadda shi ma ba ya bin kowa.

Shi kuwa kukun, ga abin da takardar dindindin take ba shi. Bayan wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa, yana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da albashinsa. Shida kaɗan ne ƙwarai, kuma kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka, amma shi ne ƙasan da doka ta sa. Yana da hutun rashin lafiya har kwanakin aiki goma sha biyu a shekara idan likita ya ba da shaida. Da mace ce, tana da mako goma sha biyu na haihuwa, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki kafin hutun. Akwai kuma abin da ba a rubuta a doka ba amma duk mazaunin Abuja ya san nauyinsa. Kuɗin haya a nan na shekara ake biya gaba ɗaya, ko a Mararaba kake ko a Zuba. Mai takardar aikin dindindin da albashi mai shiga banki kowane wata shi ne yake iya cin bashin banki ko na ƙungiyar adashen ma'aikata ya biya mai gida. Wanda ake miƙa wa kuɗi a hannu da yamma ba shi da abin nunawa, ko da abin da yake samu a wata ya fi na wancan.

Direban shi ne inda maganar take da daɗin tattaunawa, domin kwantiragi mai wa'adi yana da fuska biyu, kuma kowane ɓangare ɗaya kawai yake gani.

Dalilin ɗaukarsa a kan wa'adi a fili yake. Kwangilar abincin wata tara ce, kuma idan ta ƙare babu inda motar za ta riƙa zuwa. Idan Hajiya ta ɗauke shi dindindin, a wata na goma sai ta shiga maganar rage ma'aikata, wadda take da nata ƙa'idojin a sashe na 20: a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, a fara da wanda ya zo daga baya sai dai idan ƙwarewa ta bambanta su, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Da wa'adi kuwa, ranar da aka rubuta tana zuwa aikin ya ƙare da kansa, ba notis, ba tuhuma, ba ɓacin rai. Wannan ita ce fuskar da masu kamfani suke gani.

Wadda ba sa gani ita ce wa'adin yana ɗaure su su ma. A ce an rubuta wata tara a kan 120,000, ba a ce komai ba game da rabuwa kafin lokaci. A wata na huɗu kamfanin gine-ginen ya tsayar da aiki saboda ba a biya shi ba, abin da ba baƙo ba ne a garin nan. Hajiya ta ce wa direba ya ajiye makulli. Idan ya kai ƙara, abin da zai nema shi ne albashin wata biyar da suka rage, wato 600,000, kuma yana da hujja mai ƙarfi, domin alkawarin wata tara aka yi masa kuma bai yi laifi ba. Da an ƙara layi ɗaya a takardar cewa kowane ɓangare yana iya kawo ƙarshen aikin da notis na wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinsa, da 120,000 magana ta ƙare. Duba abin mamakin: a wannan halin, sallamar ɗan kwantiragi ta fi ta ɗan dindindin tsada har ninki biyar. Duk mai ba da kwantiragi ya fara neman wannan layin kafin ya sa hannu. Shi ma direban ya neme shi, amma ya karanta shi da nasa idon: idan layin yana nan, wata taran da yake lissafi da su ba tabbas ba ne, wata ɗaya ne kawai a hannunsa.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa ɗan kwantiragi ba shi da fansho. Dokar ba ta ware shi ba. Kamfanin Hajiya mai mutum 28 ya wuce adadin ma'aikata 15 da dokar ta ambata ƙarara, hukumar fansho ta PenCom ma tun daga mutum uku take neman a shiga tsarin. Don haka 12,000 da 1,200 ɗin nan suna kan direba kamar yadda suke kan kuku. Ta fuskar kuɗin wata, kwantiragi bai rage mata ko kwabo ba. Abin da ya saya mata shi ne sauƙin rabuwa a ranar da aka sani. Garatuti kuwa, wanda 'yan kwantiragi suke yawan sa rai da shi a ƙarshe, Dokar Ƙwadago ba ta wajabta shi a kamfani mai zaman kansa ba. Idan ba a rubuta ba, babu shi. Na fi son a rubuta ɗan wani abu, ko da albashin wata ɗaya ne ga wanda ya kai ƙarshen wa'adi, domin direban da ya san aikinsa zai ƙare a watan Satumba tun Yuli zai fara neman wani, kuma ba abin da zai riƙe shi ya kammala sai irin wannan. Wani abin da zai ɗan rage masa zafi shi ne idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. A wata tara ba wani abu mai yawa ya taru ba, amma ya fi babu.

Sai abin da yake faruwa idan kwangilar ta yi kyau aka tsawaita ta. Ranar wa'adi ta wuce, kowa ya shagala, direba yana ta kai abinci, albashi yana ta shiga. Bayan wata uku sai ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, takardata ta ƙare tun kafin azumi, yanzu a wane matsayi nake?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba lalle amsar ta yi wa Hajiya daɗi ba. Wanda aka bari yana aiki ana biyansa bayan wa'adi, kotu tana iya ɗauka cewa an ci gaba da zaman aikin a kan sharuɗɗan da, kuma yanzu babu ranar da za a nuna a ce ya ƙare da kansa. Maganin abin shi ne a sa ranar a kalanda, wata ɗaya kafin ta zo a yanke shawara, a rubuta sabuwar takarda ko a yi sallama.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, wadda ba na ganin hikimarta. A ba mutum kwantiragin wata goma sha ɗaya, a ce ya zauna a gida mako biyu, a sake ba shi wani, haka shekara da shekaru, don kada ya taɓa cika wata goma sha biyun da hutun shekara yake buƙata, kada kuma shekarunsa su taru. Wanda ya yi shekara shida a kujera ɗaya yana aiki ɗaya, da wuya a gamsar da alƙali cewa aikin na ɗan lokaci ne. Hanyar gane ko kwantiragi na gaskiya ne mai sauƙi ce: a tambayi mai kamfani me zai faru a ranar da aka rubuta. Idan ya ce kwangila za ta ƙare, ko mai hutun haihuwa za ta dawo kujerarta, ko kuɗin masu ba da tallafi za su tsaya, to wa'adin yana da tushe. Idan ya ce "sai mu sabunta", aikin dindindin ne aka sa wa wata riga.

Masu rabon abinci su ne biyan yini ya dace da su, kuma a nan ba na ganin laifin kowa. Aikin ba kullum ba ne, ba a san yawansa ba sai an kama ranar biki, kuma yawancin masu yinsa ɗalibai ne ko masu wata sana'ar da suke so su iya cewa "wannan Asabar ɗin ba zan samu zuwa ba". Wannan 'yancin cewa a'a shi ne alamar aikin yini na gaskiya. Ana kira, mutum ya zo ko ya ƙi, a biya shi a tashi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma 70,000 a 2024, ta ma keɓe masu aikin da bai kai cikakken lokaci ba, kamar yadda ta keɓe kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Amma abu biyu suna nan a kan Hajiya. Na farko rauni. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da na wucin gadi da na yini a cikin waɗanda take karewa. Idan tukunyar miya ta kife wa yarinya a ƙafa tana hawa matakala, ba a cewa ai ba ma'aikaciyarmu ba ce. Ita ta sanar da mai kamfani cikin kwana 14, mai kamfani ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7 da faruwar raunin, kuma neman diyyar yana da wa'adin shekara ɗaya. Duk wannan ba zai yiwu ba idan babu shaidar cewa ta yi aiki a ranar. Littafi guda ya isa: suna, kwanan wata, awannin da aka yi, abin da aka biya, sa hannu. Wannan littafin yana kare yarinyar, yana kuma kare Hajiya daga wanda zai zo daga baya ya ce kullum yake zuwa.

Na biyu shi ne zamewa a hankali. A cikin samarin akwai wani mai hankali, sai a ce ya riƙa zuwa Alhamis yana jera kujeru, sannan Litinin yana wanke kwanuka, kafin a ankara kwana shida yake yi a mako, an ba shi rigar aiki da makullin sito, idan bai zo ba a yi masa faɗa. Har yanzu "ɗan yini" ake kiransa, amma ya daina zama haka tun ranar da ya rasa ikon cewa ba zai zo ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kafin wata uku su wuce da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunan mai kamfani, irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, notis, da ranar ƙarewa idan mai wa'adi ne. Wata ukun nan shi ne lokacin da ya kamata Hajiya ta zauna ta duba littafinta. Duk wanda sunansa yake fitowa kusan kullum, a mayar da shi ɗaya daga cikin biyun farko, ko a rage kiransa ya koma na ranar biki da gaske.

Wasu sukan kauce wa duk wannan ta hanyar ɗauko mutane daga kamfanin samar da ma'aikata, musamman masu gadi da masu shara. Halal ne, idan kamfanin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Sai dai idan Hajiya ce take ba su umarni, take tsara musu lokaci, take cewa a cire wane, Kotun Ma'aikata tana iya ɗaukar ta da wancan kamfanin a matsayin iyayen gida biyu, ta ɗora musu nauyin tare. Ya kamata ta riƙa neman shaidar cewa ana zuba musu fansho kafin ta biya kuɗin wata.

Wani abu da zai shafi wanda za a ɗauka a babban matsayi: kwanakin notis da hutun da na lissafa daga Dokar Ƙwadago suke, ita kuwa leburori da ƙananan ma'aikatan ofis take nufi, ta cire masu riƙe da shugabanci da ƙwararru irin su manaja da akanta. Kuku da direba da masu rabo suna ciki. Manajan zauren kuwa, abin da ke cikin takardarsa shi ne madogararsa ta farko, don haka kada ya yarda da "za mu daidaita daga baya" a kan notis ko hutu ko kuɗin sallama. Fansho da diyyar rauni dai suna kansa kamar kowa.

Idan kai ne ake yi wa tayin, kuma aka ba ka zaɓi tsakanin dindindin a kan 120,000 da kwantiragin shekara a kan 140,000, kada dubu ashirin ɗin ta rufe maka ido kafin ka yi lissafi. A shekara ta tara maka 240,000, wato albashin wata biyu na wancan aikin. Idan sana'arka irin wadda ake nema ce, kamar walda ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma ka san ba za ka yi wata biyu a zaune ba, kwantiragin ya fi maka. Idan kuwa neman aiki a fanninka yakan ɗauki rabin shekara, ga haya tana jira a watan da wa'adin zai cika, ɗauki na dindindin, ka kuma tabbata bayan wata biyu ka ga saƙon shigar kuɗi daga kamfanin fanshonka. Idan ana cire 9,600 a takardar albashi amma saƙon bai zo ba, kuɗin ba su isa asusun ba, kuma PenCom tana karɓar irin wannan ƙorafin.